Bokiti 20 sun dawo sito: yadda ake rubuta kayan da kwastoma ya maido bayan an shigar da inbois

Ƙarshen watan Afrilu ne maigidan wani kantin fenti da nake riƙe wa littafi a Kano ya kira ni, takardar lissafin riba a hannunsa, fuskarsa ba walwala. Ya ce, "Malam, duba mini nan. Cinikin mutumin Gusau ribar kashi 30 muka yi lissafi, yanzu ga shi ta koma ƙasa da kashi 13. Ina sauran?" Ba a saci komai ba, ba a kuma yi kuskuren tarawa ba. Mutumin Gusau ne ya maido da wani ɓangare na kayan da ya ɗauka, yaron ofis ya rage masa bashi daidai wa daida, amma kayan da suka dawo ba wanda ya shigar da su littafi. Suna jibge a kusurwar sito, ido yana ganinsu, lissafi bai san da zamansu ba.

Wannan kuskuren na ci karo da shi fiye da sau ɗaya, kuma asalinsa guda ne. Mutane suna ɗaukar maido da kaya a matsayin magana tsakaninsu da kwastoma kawai: nawa za a cire masa daga bashinsa. Alhali ranar da aka sayar, rubutu biyu aka yi, ko da mai shigarwa bai lura ba. Ɗaya na kuɗin da ake bin kwastoma, ɗaya na kayan da suka bar sito da uwar kuɗinsu. In kaya suka dawo, dukansu biyun ne sai an warware, kuma na biyun ya fi wuyar sha'ani.

Bari in bi cinikin tun daga farko, da alƙaluman da na daidaita domin su yi sauƙin bi.

Ranar 24 ga Maris aka ɗora wa kwastoman bokiti 100 na fenti mai lita 20, kowanne a kan naira 20,000. Ciniki ya kama naira 2,000,000. Harajin VAT, wanda a Najeriya yake kashi 7.5 tun watan Fabrairun 2020, ya zama naira 150,000. Inbois ya fita da naira 2,150,000, bashi ne, zai biya daga baya. Kowane bokiti a lokacin yana zaune a littafin kantin a kan naira 14,000, wato abin da aka kashe wajen saro shi da kuɗin motar da ta kawo shi. Ita ce uwar kuɗi. Da aka danna tabbatar da inbois ɗin, manhajar lissafin kantin ta rubuta wannan:

```
Debit    Bashin kwastoma         2,150,000
Kiredit  Ciniki                  2,000,000
Kiredit  VAT da za a biya          150,000

Debit    Uwar kuɗin kayan ciniki 1,400,000
Kiredit  Kayan sito              1,400,000
```

Layuka uku na sama su ne abin da kowa yake gani a jikin takarda. Biyu na ƙasa a bayan fage suke faruwa, shi ya sa ake manta da su. Ribar cinikin ita ce tazarar da ke tsakanin 2,000,000 da 1,400,000, wato naira 600,000, kashi 30 ɗin da maigida yake magana.

Ranar 9 ga Afrilu mota ta tsaya ƙofar sito da bokiti 20. Kalar da kwastoman ya yi oda ba ita aka ɗora masa a cikin waɗannan ba, ya ce ba za su shiga a wurinsa ba, maigida kuma ya yarda a karɓa.

Dabarar da take fara zuwar wa mutum ita ce ya buɗe tsohon inbois ɗin ya goge 100 ya rubuta 80. Ina roƙon duk mai riƙe da littafi ya cire wannan daga ransa. Kwafin inbois ɗin yana hannun kwastoma, ya riga ya shiga nasa littafin da bokiti 100. Webil ɗin da direba ya sa wa hannu 100 ya nuna. Lissafin watan Maris an rufe shi, an kai wa maigida, kuma a kansa ake cike takardar VAT ta watan, wadda wa'adinta 21 ga Afrilu ne. In ka taɓa inbois ɗin, duk waɗannan takardun sun daina faɗin magana ɗaya, kuma ba wanda zai ƙara gane cewa an taɓa maido da kaya, balle ya tambayi dalilin da ya sa aka yi kuskuren kala. An sayar da 100 a Maris, 20 sun dawo a Afrilu. Abubuwa biyu ne suka faru, littafi ya kamata ya nuna biyun. Manhajoji da yawa ma ba sa barin a gyara inbois ɗin da aka tabbatar, kuma ina ganin daidai suka yi.

Abin da ake yi shi ne a fitar da sabuwar takarda, takardar rage bashi, mai lambarta daban da kwanan watan ranar da kayan suka dawo, a rubuta lambar tsohon inbois a jikinta. A manhajojin Tally da Odoo za ka same ta da sunan `Credit Note`, a QuickBooks kuma `Credit Memo`. Farashin da za a sa mata shi ne wanda aka sayar, ba na yau ba. In da an yi wa kwastoman ragi lokacin ciniki, to farashin bayan ragi za a ɗauka, domin ba za a mayar masa da abin da bai taɓa hawa kansa ba. A namu cinikin babu ragi, saboda haka bokiti 20 a kan 20,000 ya ba da 400,000, VAT ɗinsa 30,000:

```
Debit    Kayan da aka maido        400,000
Debit    VAT da za a biya           30,000
Kiredit  Bashin kwastoma           430,000
```

Bashin ya sauko daga 2,150,000 zuwa 1,720,000. Za ka lura ban zare 400,000 ɗin kai tsaye daga asusun ciniki ba, na buɗe masa nasa asusun. A ƙarshe sakamakon ɗaya ne, tunda za a debe shi daga ciniki kafin a fitar da riba. Amma in yana zaune shi kaɗai, maigida zai iya duba wata uku ya ga nawa ake maido masa, daga wane kwastoma, a kan wane kaya. Kantin da ake yawan maido masa kaya saboda kuskuren lodi matsalarsa a bakin sito take, kuma ba zai gano ba muddin adadin yana narkewa a cikin ciniki.

VAT ɗin ma kada a bar shi a baya. Wasu sukan rubuta 430,000 gaba ɗaya a asusun kayan da aka maido, sai kantin ya tashi da biyan gwamnati harajin naira 30,000 a kan cinikin da aka fasa, ya kuma rage nasa cinikin fiye da kima. Tunda takardar rage bashin ta Afrilu ce, a lissafin VAT na Afrilu ragin yake shiga, na Maris yana nan yadda yake. Sai a adana takardar tare da shaidar karɓar kaya, domin su ne hujja ranar da jami'an haraji suka tambayi dalilin ragin.

Har nan yaron ofis ya yi aikinsa da kyau. A nan kuma ya tsaya. Ga abin da tsayawar ta jawo: ciniki ya koma 1,600,000, amma uwar kuɗi tana nan 1,400,000, kamar dai bokiti 100 ne har yanzu a Gusau. Riba ta zama 200,000, wato kashi 12.5. Gaskiyar magana kuwa bokiti 80 aka sayar, uwar kuɗinsu 1,120,000, ribarsu 480,000, kashi 30 ɗin nan bai motsa ba. Naira 280,000 da ta ɓace wa maigida tana cikin bokitan nan 20 da ke kusurwar sito. Rubutun da ya rage ke nan:

```
Debit    Kayan sito                280,000
Kiredit  Uwar kuɗin kayan ciniki   280,000
```

Dalilin da ya sa manhajar ba ta yi wannan da kanta ba shi ne yadda aka cike takardar. Yaron bai zaɓi fentin daga jerin kayan sito ba, ya rubuta layi ɗaya da hannu, "kayan da aka maido", ya sa kuɗi. Manhaja ba ta san bokiti ne ba, kuɗi kawai ta gani. A QuickBooks in ka zaɓi kayan da kansa ka sa adadinsa a `Credit Memo`, adadin sito yana ƙaruwa nan take. A Odoo kuwa aikin kashi biyu ne: takardar rage bashi a ɓangaren lissafi, sannan a je kan takardar fitar da kaya a danna `Return` kafin sito ya san wani abu ya dawo. Wajibi ne mutum ya san wanne tsari tasa manhajar take bi, saboda kuskuren yana iya juyawa ta ɗaya gefen. Na taɓa ganin inda takardar rage bashi ta mayar da kaya sito da kanta, mai sito kuma bai sani ba, ya sake ƙara su ta hanyar gyaran adadi. Da a namu cinikin ne, littafi zai ce bokiti 40 suka dawo, ranar ƙidaya a nemi 20 a rasa, a fara kallon yaran sito da zargi alhali ba su ɗauki komai ba.

Yanzu sai tambayar da ta fi ɗaukar hankalina: a kan nawa za a mayar da bokitin sito? Na rubuta 14,000 a sama kamar abu ne a fili, amma tsakanin 24 ga Maris da 9 ga Afrilu farashin kamfani ya tashi. Bayan lodin Gusau, bokiti 50 suka rage a sito a kan 14,000, jimlarsu 700,000. Farkon Afrilu aka saro wasu 100 a kan 17,000, wato 1,700,000. Kantin yana bin tsarin matsakaicin farashi, inda duk lokacin da sabon kaya ya shigo ake haɗa kuɗin tsoho da sabo a raba da adadinsu. Bokiti 150 a kan 2,400,000, kowanne ya koma 16,000. Saboda haka ranar da kayan Gusau suka dawo, farashi huɗu ne a gaban mai rubutu: 20,000 da aka sayar, 17,000 na sabon sari, 16,000 na matsakaici, da 14,000 da suka fita da shi.

Na 20,000 kuskure ne babba, domin ya zama ka zuba ribar da ba ka ci ba a cikin kayan sito. Da wuya a faɗa cikin wannan kuskuren, sai dai mai sabon hannu. Wanda ake faɗawa ba a sani ba shi ne 16,000, saboda in ba a ɗaure takardar maidowa da tsohon cinikin ba, manhaja ba ta da hanyar sanin daga ina kayan suka fito, sai ta ɗauki farashin da take da shi a ranar. Duba abin da hakan yake haifarwa. Bokiti 20 a kan 16,000 ya zama 320,000. In ka cire shi daga 1,400,000, saura 1,080,000 a kan bokiti 80 da suka tsaya a Gusau, kowanne 13,500 ke nan. Kantin bai taɓa saro fentin nan a kan 13,500 ba. Ribar naira 40,000 ta tsiro daga babu, kuma ta tsiro ne a dalilin an fasa ciniki, abin da hankali ba zai ɗauka ba. Kayan sito ma sun kumbura da 40,000 ɗin da ba a kashe ba.

Wani zai ce ai ƙaramin abu ne, kuma zai wanke kansa idan aka sake sayar da bokitan, tunda uwar kuɗinsu za ta fito da tsada. Haka ne, zai wanke kansa, amma sai a wani watan, wataƙila ma a wata shekarar, a kan cinikin wani kwastoma daban. A lokacin da farashi yake tashi duk bayan 'yan makonni, kantin da ake maido masa kaya sau goma a wata zai riƙa ganin ribar da ba tasa ba, kuma a kan wannan ribar ne maigida yake yanke shawarar ragin da zai iya yi wa masu sari. Ƙa'idar da nake bi ita ce kaya ya koma sito da uwar kuɗin da ya fita da ita, domin maidowa warware tsohon rubutu ce, ba sabon sari ba. Shi ya sa nake nacewa a fara takardar maidowa daga cikin tsohon inbois ko tsohuwar takardar fitar da kaya, kada a buɗe ta a sarari. A manhajar Business Central har akwai wani zaɓi mai suna `Exact Cost Reversing Mandatory`, wanda in an kunna shi ba za a iya shigar da maidowa ba sai an nuna ainihin fitar da ake warwarewa. Mai rubutu da hannu kuma sai ya buɗe katin kayan ya duba farashin da ke layin 24 ga Maris.

Wanda yake bin tsarin na farkon shiga shi ne na farkon fita, shi ma maganar ɗaya ce, sai dai yana iya tarar da cewa bokiti 100 ɗin daga sari biyu suka fita, masu farashi daban. Nan sai ya zaɓi hanya ɗaya, misali matsakaicin uwar kuɗin wancan lodin, ya riƙa binta kullum.

Duk wannan lissafin ya ɗauka cewa bokitan sun dawo lafiya lau. Ba haka aka yi ba. Da na sauka sito, mai sito ya jawo guda biyar gefe. Murfinsu ya tsage a hanya, fenti ya zubo ya bushe a jikin roba, ɗaya ma in ka ɗaga murfin za ka ga saman ya fara yin fata. Ya ce, "Yallaɓai, waɗannan ba mai ba ka kuɗin sabo. Sai dai masu fentin gida da ke neman na rangwame." Muka tsaya a kan za a iya sayar da kowanne 9,000, bayan an kashe kimanin 1,000 wajen sabon murfi da goge jiki.

Ƙa'idar lissafin kayan sito ta duniya, IAS 2, ta ce a ajiye kaya a littafi a kan wanda ya fi ƙanƙanta tsakanin uwar kuɗinsa da abin da zai kawo bayan an cire ɗawainiyar sayar da shi. Ɗan kasuwa ya san wannan tun kafin a rubuta shi: kayan da ya lalace ba ya riƙe kuɗinsa. Uwar kuɗi 14,000 ce, abin da zai shigo hannu 8,000, to a kan 8,000 za a ajiye. Faɗuwar 6,000 sau biyar, naira 30,000, asara ce ta watan Afrilu:

```
Debit    Asarar lalacewar kaya      30,000
Kiredit  Kayan sito                 30,000
```

Na fi son a yi shi taki biyu kamar haka, a fara mayar da duka 20 a kan 280,000, sannan a rubuta asarar daban. Ana iya haɗe su a rubutu ɗaya a shigar da 250,000 kawai, jimla za ta fito daidai, amma asarar za ta ɓuya a cikin uwar kuɗin cinikin Gusau, ba wanda zai tambayi wa ya kamata ya ɗauke ta. Tambaya ce mai nauyi kuwa. A motar wa murfin ya tsage? In sakacin kwastoma ne ko direbansa, maigida yana da damar cewa ba zai rage cikakken kuɗin waɗannan biyar ɗin ba. Wannan magana ce da ake gamawa kafin a fitar da takardar rage bashi, shi ya sa ba na son a rubuta ta tun kaya suna kan hanya, ko don kwastoma ya bugo waya ya ce ya turo. A sauke, a ƙirga, a duba, mai sito ya sa hannu a takardar karɓa da adadin lafiyayyu da na masu rauni, sannan ofis ya rubuta. A wannan karon maigida ya ce kuskuren kala daga wurinsa ne, shi ya jawo tafiyar, don haka ya ɗauki asarar. Kuɗin motar dawowa ma shi ya biya, kuma wannan a kuɗin ɗawainiyar sufuri na watan aka rubuta shi. Ba a ɗora shi a kan uwar kuɗin bokitan, domin zuwa Gusau da dawowa bai ƙara wa fentin daraja ba.

Masu raunin nan biyar kada su koma layi ɗaya da lafiyayyu, a ƙasa ko a littafi. A ba su wurinsu daban, a kan 40,000. In aka cakuɗa su, mai sayarwa zai ga adadi a kwamfuta ya yi wa wani alkawarin sabon kaya, kuma farashinsu zai ja matsakaicin sauran ƙasa. Lafiyayyu 15 ne suke shiga cikin 150 na da: 2,400,000 a haɗa da 210,000 ya zama 2,610,000, a raba da 165, kowane bokiti ya koma kusan 15,818. Matsakaicin ya ɗan sauka daga 16,000, kuma daidai ne ya sauka, tunda kayan tsohon farashi ne suka shigo.

Akwai wani yanayi mai kama da wannan da yake ruɗa mutane. Da a ce kwastoman ya ce zai riƙe bokitan a yi masa ragin 3,000 a kan kowanne, takardar rage bashi za a fitar, ta 60,000 da VAT 4,500. Amma ba abin da ya dawo, saboda haka sito da uwar kuɗi ba a taɓa su. A nan ne rubutun layi ɗaya da hannu irin na yaron ofis yake zama daidai, zaɓar kayan da adadinsa kuma ya zama kuskure, domin zai ƙara wa sito bokitan da suke Gusau.

Sai kuma ƙananan kantuna da ba sa rubuta uwar kuɗi a kowane ciniki, sai ƙarshen wata ko shekara su ƙirga abin da ya rage su fitar da ita: kayan farko, a haɗa da sari, a cire kayan ƙarshe. Su ba su da rubutu na biyu ranar maidowa, takardar rage bashi ta wadatar. Ƙidaya ce take yi musu gyaran, da sharaɗin an ƙirga kayan da suka dawo. Bokitan da aka jingine a bayan ƙofa ana cewa "na mutumin Gusau ne" su ne ake tsallakewa ranar ƙidaya, alhali tun da aka rage masa bashi sun koma na kanti.

Ɓangaren kwastoma ma yana da ɗan ƙarashe. Takardar rage bashin sai an jingina ta da inbois ɗin da take ragewa. In ba haka ba, jerin masu bashi zai riƙa nuna 2,150,000 a layi ɗaya da 430,000 a wani layin yana yawo, wata rana a bugo wa mutum waya ana neman kuɗin da ba a binsa. In kuma ya riga ya biya duka kafin ya maido, 430,000 ta zama kanti ne yake riƙe da kuɗinsa: ko a bar masa a kan lodi na gaba, ko a tura masa, a rubuta fitar kuɗin daga banki a kan asusunsa. Ina ba da shawara wanda yake karɓar kuɗi daga kwastomomi kada ya zama shi ne mai ikon fitar da wannan takarda shi kaɗai. Hanya ce sananniya ta ɓoye gibi: a karɓi kuɗi a hannu, a rubuta wai an maido da kaya, bashi ya goge. Maganinta kowace takardar rage bashi ta kaya ta kasance da takardar karɓa daga sito manne da ita.

Yadda nake gane an yi aikin daidai ba shi da wuya. Nakan ɗauki cinikin da maidowarsa tare in fitar da riba: 1,600,000 a cire 1,120,000, kashi 30. In ta faɗi warwas, an manta da sito. In ta haura, an mayar da kayan da farashin da ya fi wanda suka fita da shi. Sannan in kwatanta jimlar katunan kaya da asusun kayan sito na babban littafi: 2,610,000 da 40,000, wato 2,650,000 a kowane gefe. Sai in sauka da kaina in ƙirga, 165 a layi, biyar a kusurwa.

Abin da zai sauya hukuncin kwanan wata shi ne da a ce shekarar lissafin kantin a 31 ga Maris take ƙarewa, kuma ba a riga an sa hannu a kan lissafin shekarar ba. Kuskuren kalar tun ranar lodi yake, dawowar kayan a Afrilu ta bayyana shi ne kawai, don haka ribar bokiti 20 ɗin, naira 120,000, ba ta cancanci zama a tsohuwar shekara ba. Takardar rage bashi tana nan da kwananta na Afrilu, amma akanta zai yi gyaran rufe shekara: ya rage ciniki da 400,000 da uwar kuɗi da 280,000 a Maris, sannan ya juya gyaran a farkon Afrilu domin kada a cire sau biyu. Manyan kamfanonin da suke ba kwastoma damar maidowa a rubuce ba sa ma jiran kaya su dawo. Ƙa'idar IFRS 15, wadda ta fara aiki a 2018, ta sa su ƙiyasta tun ranar ciniki abin da suke sa ran za a maido, su ajiye kuɗinsa a matsayin bashi a kansu, uwar kuɗinsa kuma a matsayin kayan da suke jiran dawowarsu. Kantin fentin nan a Disamba yake rufe shekara, kuma maidowa a wurinsa ta alfarma ce tsakaninsa da tsofaffin kwastomomi. Don haka rubutun Afrilu ya wadatar: na shigar da 280,000 da 30,000 ɗin da aka bari, na sake fitar wa maigida takarda, ribar Gusau ta nuna 480,000, asarar murfi kuma tana layinta a ƙasa.